Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Inda Za A Ajiye Kuɗin Karatun Ɗa Na Shekara Goma



Bayan sallar la'asar ta wata Juma'a, wani tela mazaunin nan Gbalahi ya yi sallama a zauren Dattijo, muna zaune da littafin rubuce-rubucen unguwa a gabanmu. Bayan gaisuwa ya fito da buƙatarsa. Gadon mahaifinsa ya fito, rabonsa ya kama sidi 20,000, ga shi kuma yana iya ware sidi 300 kowane wata daga ɗinki. 'Yarsa mai shekara takwas ta shiga aji uku na firamare, malamanta suna yaba kaifin hankalinta, shi kuwa burinsa ta kai jami'a. Ya ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, 'yan'uwa sun ce in sayi fili, abokaina sun ce in kai inda ake ba da riba duk wata. Ni dai tsorona kada ranar ta zo in rasa abin da zan ce wa yarinyar."

Dattijo bai amsa nan take ba. Ya ce mu ɗauko alƙalami mu fara da lissafi, domin a ganinsa ba a zaɓen hanya sai an san garin da za a je da ranar da ake son isa. Abin da ya biyo baya shi muke so mu shimfiɗa a nan, saboda mun san akwai irin wannan tela a kowane zango, daga Tamale har Kumasi.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne wannan. Kuɗin makaranta da za a biya nan da shekara goma bashi ne mai rana, ko da yake ba wanda ya rubuta shi. Mai irin wannan bashi ba ya neman ribar da ta fi kowace. Abu biyu yake nema: dukiyar ta riƙe darajarta a tsawon hanya, kuma ta koma tsabar kuɗi a ranar da aka buɗe rajista. Duk jarin da ya gaza ɗaya cikin biyun nan bai dace da wannan aiki ba, kome kyansa ga wani aikin.

Mu fara da ranar. Yarinyar tana da shekara huɗu a firamare har da wadda take ciki, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. Goma ke nan cif. Tun 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin babbar sakandare, a 2025 kuma ta fara biyan kuɗin karatun shekarar farko a manyan makarantunta. Wannan sauƙi ne, mun gode Allah, amma mai hankali ba ya gina shirin shekara goma a kan manufar da za ta ratsa zaɓe biyu ko uku kafin ta iso gare shi. Ko ta ɗore ma, ba ta biya wa yaro ɗakin kwana da abinci da kuɗin mota. Sai kuma wani abu da mutane kan manta: karatun digiri shekara huɗu ne, saboda haka ranakun biya huɗu ne, a shekara ta goma da uku da ke biye da ita. Wannan zai yi mana amfani a gaba.

Sai nauyin bashin. Mun tambayi iyayen da 'ya'yansu ke karatu a jami'ar UDS da jami'ar fasaha ta Tamale, muka tsayar da sidi 12,000 a matsayin abin da shekara guda za ta ci wa ɗalibi mai tsimi, tsakanin kuɗin makaranta da ɗaki da ciyarwa. Ƙiyasinmu ne na aiki, kowa ya yi nasa gwargwadon fannin da yaronsa zai karanta, domin likitanci ba ɗaya yake da koyarwa ba. To nawa wannan 12,000 za ta zama nan da shekara goma? Akwai wata dabara mai sauƙi: a raba 72 da yawan tashin farashi na shekara, abin da ya fito shi ne shekarun da farashi zai ninka. Idan kaya na tashi da kashi 15 cikin ɗari, farashi zai ninka cikin abin da bai kai shekara biyar ba, ya ninka sau biyu cikin goma. Shekarar farko ta jami'a za ta kama wajen sidi 48,500. Idan Allah ya kawo sauƙi tashin ya tsaya a kashi 10, za ta kama wajen 31,000.

Kada wani ya ce mun tsananta. A watan Yulin 2007, lokacin da aka yanke sifiri huɗu daga tsohon kuɗi, sabon sidi ɗaya ya ɗan fi dala ɗaya. Zuwa Nuwamban 2022 sai da dala ta kusa sidi 15 a hannun 'yan canji, a Disamban wannan shekara kuma hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Duk wanda ya yi cefane a kasuwar Aboabo a wancan lokaci ba ya buƙatar a tuna masa. Da tela zai ƙulle 20,000 ɗinsa a akwati, farashi kuma ya tafi da kashi 15, ranar da ya buɗe ba za su biya ko rabin shekarar farko ba. Kuɗin suna nan ba wanda ya taɓa, amma an cinye su.

A nan ne Dattijo ya ba da shawarar da muka ga ta fi kowace amfani. Ya ce a daina ƙirga ajiyar da sidi, a riƙa ƙirga ta da shekarun karatu. Sidi 20,000 a yau shekara ɗaya ce da sulusi biyu. Sidi 300 a wata sun zama 3,600 a shekara, wato kusan sulusin shekarar karatu, cikin shekara goma sun tara shekara uku. Jimla ta haura shekara huɗu da rabi, abin da ake nema kuwa huɗu ne. Da tela ya ji haka sai ya yi shiru, domin ya gane cewa abin da ke hannunsa ya isa. Sharaɗi biyu kawai ke kansa: abin da ya ajiye ya riƙa tafiya tare da farashi, kuma duk lokacin da ya ƙara kuɗin ɗinki ya ƙara abin da yake warewa. Mutumin da buƙatarsa ta tsaya a nan ba shi da dalilin jefa kansa cikin hatsari don neman ninki.

Wannan ya kawo mu ga shawarar abokansa. Ƙasar nan ta sha ganin masu riba duk wata. Kamfanin DKM na Sunyani ya tara kuɗin jama'a da alkawarin riba mai kauri, ya durƙushe tsakanin 2015 da 2016, raɗaɗinsa ya kai har garuruwan arewa. Menzgold ya riƙa alkawarin kashi 7 zuwa 10 a kowane wata da sunan cinikin zinariya, har hukumar kula da hannayen jari, wato SEC, ta dakatar da shi a Satumban 2018. Mu auna alkawarin da hankali. Kashi 10 a wata, idan ana mayar da ribar cikin uwar kuɗi, ya haura ninki uku a shekara. Wace sana'a ce a Tamale ko Akra take ninka jari sau uku kowace shekara, kuma mai ita ya rasa abin yi sai ya kira baƙi su ci tare da shi? Alamomin irin wannan tarko ba sa canzawa: riba tsayayya da ba ta san shekarar fari ba, lada ga wanda ya kawo sabon mutum, da matsa wa mai ajiya ya sabunta maimakon ya cire. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wani zai ce, to sai a kai inda ke da lasisi. Lasisi sharaɗi ne, kuma wajibi ne a duba sunan kamfani a jerin da Babban Bankin Gana da SEC suke wallafawa. Amma lasisi bai hana abin da ya faru ba. A Agustan 2017 an soke lasisin bankunan UT da Capital. A Agustan 2018 aka haɗe bankuna biyar cikin sabon banki guda. A 2019 aka rufe ƙananan kamfanonin ba da rance 347 a rana ɗaya, a Nuwamban shekarar kuma SEC ta soke lasisin kamfanonin sarrafa jari 53. Masu ajiya a manyan bankunan sun tsira da kuɗinsu, amma da yawa daga masu jari a waɗancan kamfanoni sun shafe shekaru suna jira. Ga mai kuɗin makaranta, jinkiri da asara 'yan gida ɗaya ne. Kuɗin da aka mayar maka bayan shekara huɗu sun tarar da sa'o'in 'yarka suna shirin kammalawa.

Ita kanta gwamnati ta koya mana darasi. A ranar 5 ga Disamba 2022 ministan kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, ya sanar da shirin musanya bashin cikin gida. Aka karɓi tsofaffin takardun lamuni masu dogon wa'adi, aka ba da sababbi masu ƙarancin ruwa, waɗanda wa'adinsu ya kama daga 2027 har zuwa 2038. 'Yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi, har tsohuwar babbar jojin ƙasa, Sophia Akuffo, ta zauna tare da su. Mahaifin da ya saya da lissafin za a biya shi a shekarar da ɗansa zai shiga jami'a ya wayi gari an ɗage masa rana ba da son ransa ba. Takardun gajeren wa'adi, na kwana 91 da 182 da 364, waɗanda ake kira tireshari bil, su ba a taɓa su ba. Sai dai a ƙarshen 2022 ruwansu yana wajen kashi 35 ne, farashi kuwa yana gudu da 54, don haka mai su ma darajar kuɗinsa ta ragu.

Dole mu faɗi wata gaskiya a nan, tunda ta shafi yawancin masu karanta mu. Ruwan da waɗannan takardu ke bayarwa ƙari ne a kan bashi, kuma malamanmu suna ƙirga shi cikin riba da shari'a ta hana. 'Yan'uwanmu na Nijeriya sun sami mafita tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatinsu kuma ta fara fitar da sukuk a 2017. Musulmin Gana ya daɗe ba shi da irin wannan ƙofa a buɗe. Tela ya ce shi ba zai ciyar da 'yarsa ilimi da kuɗin da zuciyarsa ba ta natsu da su ba, saboda haka muka koma ga abubuwan da ake mallaka, ba waɗanda ake rantarwa ba.

Na farkonsu shi ne filin da 'yan'uwansa suka nuna masa. Hujjarsu tana da ƙarfi, ba mu raina ta ba. Tamale tana faɗaɗa ta kowace fuska, kuma duk mun san gonakin da suka zama unguwanni a kan idonmu. Amma fili yana da aibi uku ga wannan aiki. Na farko, ba ya gutsuruwa. Ba za ka yanki kusurwa ka biya kuɗin zangon karatu ɗaya ba, sai dai ka sayar gaba ɗaya, sauran kuɗin shekara uku su zauna farashi yana cin su. Na biyu, ba ya sayuwa da gaggawa. Mai saye yakan gane wanda rajista ta matsa, ya taya shi tayin wulaƙanci. Na uku shi ne takarda. A ƙasar Dagomba fili na hannun sarakuna ne, abin da mai saye ke samu haya ce ta dogon lokaci, kuma takardar farko da ake bayarwa a fada ba ita ce ƙarshen magana ba. Sai an yi bincike a Hukumar Filaye, safiyo mai lasisi ya zana taswira, an rubuta yarjejeniyar haya an yi mata rajista, kowanne da kuɗinsa. Fili ɗaya a hannun mutum biyu ba baƙon labari ba ne a zaurenmu, kuma filin da aka bari shekaru ba gini ba shinge yana jawo ido. Kuɗin tela gaba ɗaya za su tafi a fili guda can bayan gari, ya zama duk makomar yarinyar ta rataya a kan takarda ɗaya. Ba a cinikin biri a sama. Wanda yake da yalwa ya saya, amma ya ƙudurta sayarwa tun shekara ta bakwai ko ta takwas.

Na biyu zinariya. Tun ƙarshen 2024 Babban Bankin Gana yake sayar da tsabar zinariya ta hannun bankunan kasuwanci, mai nauyin oza ɗaya da rabi da rubu'i. Amfaninta ga mutum irin tela a fili yake. Farashinta yana bin farashin duniya da canjin dala, don haka idan sidi ya faɗi ita takan tashi. Ba ta ci, ba ta ciwo, kuma ana iya mayar da ita ta hanyar da aka saye ta. Ta fi sarƙa da 'yan kunne ga mai ajiya, domin kuɗin ƙira da ka biya wa maƙeri ba ya dawowa ranar sayarwa. Amma kada a ɗauke ta dutse da ba ya motsi. Daga 2011 zuwa ƙarshen 2015 oza ta sauko daga wajen dala 1,900 zuwa wajen 1,050. A nan gida ma, tsakanin Afrilu da Yunin 2025 sidi ya yi ƙarfi, dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa wajen 10, sai darajar zinariya a sidi ta zube da kusan sulusi alhali a kasuwar duniya ba ta faɗi ba. Wanda ranar biyansa ta faɗo a wannan tsakani ya ji a jikinsa. Wanda ke da sauran shekara takwas kuwa yana da damar jira.

Na uku dabbobi, jarin da iyayenmu suka fi sani. Tunkiya tana haihuwa, garke yana ƙaruwa, kuma ana iya kama ɗaya a kai kasuwa a bar saura, abin da fili ba ya yi. Amma mai ƙirga riba ya ƙirga har da dusa da harawa a rani, da allurar rigakafi, da ladan mai kiwo, da ɓarawo, da mutuwa. A Yunin 2023 cutar saifa ta ɓulla a yankin Bawku da Bolgatanga, hukuma ta hana zirga-zirga da sayar da dabbobi a can na wani lokaci, ana dab da Babbar Salla. Mai garke yana kallon dukiyarsa amma ba halin sayarwa. A kuma tuna cewa kasuwar rago tana bin watan Salla ne, wanda ke matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, ba ta bin kalandar jami'a. Saboda haka a sayar a Sallar da ta gabaci rajista, ko da da sauran watanni.

Na huɗu hannun jari a kasuwar hannayen jari ta Akra. Wanda ya sayi hannun jari ya zama mai ƙaramin rabo a kamfani, riba da asara duka nasa ne, shi ya sa malamai da yawa suka halatta shi idan sana'ar kamfanin halal ce kuma bai nutse cikin bashin ruwa ba. Wannan ya fitar da bankuna da kamfanonin giya, ya rage kaɗan. Misalin da kowa ya sani shi ne MTN, wanda aka sayar da hannun jarinsa ga jama'a a 2018 a kan fesuwa 75. A 2020 ya sauko ƙasa da haka, zuwa ƙarshen 2024 kuma ya haura sidi 2, ban da rabon ribar da ake yi. Kasuwar baki ɗaya ta yi shekara uku a jere tana ja da baya, daga 2018 zuwa 2020. Wannan tarihi ne, ba alkawari ba, kuma darasinsa shi ne hannun jari na mai iya haƙurin shekara biyar zuwa sama ne. Ana saye ta hannun dillali mai lasisin SEC, a tabbatar an rubuta hannayen da sunan mai su.

Ga yadda aka tsara wa tela. Wajen rabin gadon ya tafi ga tsabar zinariya mai rubu'in oza. Kashi ɗaya cikin huɗu ya sayi tumaki mata, aka ba wani amintacce a ƙauye bisa yarjejeniyar rabon 'ya'ya da muka rubuta da shaidu biyu. Ragowar aka raba biyu, rabi ga hannun jari, rabi aka ware shi daban a matsayin kuɗin ko-ta-kwana. Wannan na ƙarshe kada a raina shi. Abin da ya fi cinye kuɗin makaranta a unguwarmu ba faɗuwar kasuwa ba ce, rashin lafiya ne da jana'iza da biki da keken ɗinki da ya lalace. Gidan da ba shi da kuɗin gaggawa, kuɗin karatun yaro su ne kuɗin gaggawarsa. Sidi 300 na wata kuwa suna shiga adashi, ko susu kamar yadda ake cewa a nan, na mutum goma. Ranar da ya kwashi 3,000 ba za su kwana a aljihu ba, za a ƙara su ga wanda ya fi ja baya cikin ukun. Adashi yana tara kuɗi ne, ba ya ƙara su, don haka mashiga ce, ba masauki ba.

Sai babban al'amari, wato saukowa. A shekara shida ko bakwai na farko abokin gaba shi ne hauhawar farashi, saboda haka dukiya tana zaune cikin abubuwan da ke hawa da sauka. Daga shekara ta bakwai abokin gaba ya canza, ya zama faɗuwar kasuwa a lokacin da babu sauran damar jira. Tun da ranakun biya huɗu ne, ba a sauke komai rana ɗaya ba. Daga shekara ta takwas za a fara sayar da hannun jari kaɗan-kaɗan, ana mayar da shi abin da ya fi saurin sayuwa. Kuɗin shekarar farko su zama tsaba a asusun da ba ruwa, a babban banki, kimanin shekara guda kafin rajista. Farashi zai ɗan ci wani abu a cikinsu, mun sani, amma wannan shi ne ladan kwanciyar hankali, kuma cin shekara ɗaya ba kamar na goma ba ne. Kuɗin shekara ta biyu su biyo baya bayan shekara guda, haka har na huɗu, waɗanda za su iya zama cikin zinariya da tumaki har yarinyar ta kai aji uku a jami'a. Abin da za a iya biya tun da wuri, kamar ɗakin kwana na shekara, a biya, domin abin da aka riga aka biya farashi ba ya binsa.

Kowace shekara kuma, a watan da aka saba, za a zauna a yi awo. A tambayi abin da shekarar karatu take ci a lokacin, a ƙiyasta abin da dukiyar za ta kama in an sayar a ranar, a raba. Idan a shekara ta biyar amsar ta kai shekara uku na karatu, ana kan hanya. Idan ta tsaya a biyu, to ko a ƙara abin da ake warewa, ko a sake duban makarantar da ake nufi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a ce za a cike giɓin da jari mai hatsari, domin a nan ne masu riba duk wata suke samun mutanensu. A wannan zama ne kuma za a duba zakka. Niyyar karatu ba ta ɗauke ta daga dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, kuma kashi biyu da rabi cikin ɗari na shekaru yana taruwa, gara a sa shi cikin lissafi tun farko a tambayi malami yadda za a fitar.

Saura abu guda da Dattijo ya ƙi bari a tashi ba a yi ba. Ya ce, "Ɗana, shekara goma da yawa, rai kuwa a hannun Allah yake. In ka riga mu gidan gaskiya, wannan dukiya ta wa ce?" Amsar ita ce ta magada ce, kowa da rabonsa, domin cewa na ajiye don wance bai fitar da ita daga gado ba, kuma ba a wasiyya ga mai gado sai da yardar sauran. Hanyar ita ce kyauta tun ana raye, da shaidu da rubutu. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta. Uba yana iya riƙe wa ƙaramin ɗansa abin da ake ganewa da alama, kamar dabba, amma tsabar kuɗi da makamantansu an fi son a fitar da su daga hannunsa zuwa hannun wani amintacce. Sannan shari'a ta yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya a kyauta, don haka mai 'ya'ya da yawa ya san yadda zai yi wa kowa. Aka kira mahaifiyar yarinyar da wan tela, aka karanta musu abin da aka rubuta, kowa ya san inda takardu suke.

Mun san akwai masu cewa duk wannan wahala ce, a zuba kuɗin cikin shagon ɗinki kawai, sana'a ta girma ta biya makaranta. Magana ce mai nauyi, kuma sau da yawa keke na biyu da yaron shago sun fi zinariya kawo riba. Amsarmu ita ce shagon ya riga ya ɗauki ci da sha da haya da sidi 300 ɗin nan. Idan aka ɗora masa gadon ma, ranar da gobara ko ciwon ido ya sami mai shi, abinci da karatu za su tafi tare. Wasu kuma za su ce wa ya san gobe, Allah ne mai azurtawa. Haƙiƙa haka ne, kuma shi ne ya hore mana damina ya kuma sanar da mu cewa rani na tafe. Manomin da ya cika rumbu bai yi wa tawakkali laifi ba.

Tela ya tashi da takarda guda a aljihu, mai ɗauke da shekaru goma sha uku a jere da abin da za a yi a kowace. Kwafinta yana cikin littafin zaure, an kuma sa masa ranar dawowa, mako guda bayan Babbar Salla mai zuwa, ya zo da lissafin tumakin da suka haihu da sabon kuɗin makaranta. Duk wanda yake da yaro a aji uku a yau, muna roƙonsa ya ɗauki alƙalami a wannan mako ya yi nasa lissafin, ko da abin da yake iya warewa bai wuce sidi 50 ba.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, ya sa albarka cikin abin da muka tara ta hanyar halal.